Kar ka bari a yi wa fuskar agogon babanka fenti

1/
Duk wanda ya gaji tsohon agogo, Seiko 5 ne ko Rado ko Omega ko West End, ya kai wa mai gyara ya ce "a wanke fuskar a yi mata fenti ta koma sabuwa", to ya biya kuɗi ne an rage wa kayansa daraja. Na faɗa, kuma zan kare maganata. Zaren yana da tsawo, ku gyara zama.

2/
Abin da ya tayar da maganar: kwana biyun nan hotuna suna ta yawo, "kafin gyara" da "bayan gyara". Na hagu fuska ce da ta yi ruwan ƙwai saboda shekaru, na dama kuma shuɗi ne shar kamar murfin bokiti. Jama'a na ta zuba wuta da "Masha Allah, aiki ya yi kyau". Ni kuwa na hagu nake kallo ina jin takaici, don na san ba za a sake ganinsa ba har abada.

3/
Abin mamakin shi ne mun san wannan dokar sarai, a agogo ne kawai muke mantawa. Je ka sayen mota a Gusau. Tambayar farko: fes bodi ce? Motar da fentinta na kamfani ne, ko ya ɗan koɗe a bonet, ta fi wadda aka fesa jiya tana walƙiya. Me ya sa? Saboda sabon fenti yana iya ɓoye hatsari, kuma fentin kamfani sau ɗaya ake yin sa.

4/
Waya ma haka. "Sikirin ɗin folo-kom ne ko an canja?" Da an ce an canja, sai ka ga mai saye ya fara zabge kuɗi, ko da sabon ba shi da ƙwarzane ko ɗaya. To fuskar agogo ita ce fes bodinsa, ita ce folo-kom ɗinsa. Sai dai a agogo abin ya fi tsanani, don masu tara tsofaffin agoguna fuskar suke fara dubawa kafin inji, kuma a manyan agoguna kaso mai tsoka na kuɗin a kanta yake.

5/
Bari in faɗi yadda ake yin fuskar a kamfani, sai ku gane dalilin da ya sa ba a maimaita ta a teburin bakin kasuwa. Faifai ne siriri na tagulla, da ƙafafu biyu a bayansa masu shiga jikin inji. Ana goge shi da burushi na musamman ya fitar da zane kamar hasken rana yana bazuwa daga tsakiya, a rina shi da launi, sannan a buga rubutu.

6/
Rubutun nan ba da alƙalami ake yi ba. Ana sassaƙa shi a jikin farantin ƙarfe, a cika ramin da tawada, wani tattausan hatimi ya ɗauko tawadar ya dangwala a fuskar. Shi ya sa harafi yake fita siriri, gefensa kaifi kamar an yanka da reza. Daga ƙarshe a bi da wani siririn shafi mai sheƙi da zai kare komai daga iska.

7/
Wannan shafin na sama da launin da ke ƙarƙashinsa su ne suke canjawa da shekaru. Rana ta buga, zafi ya gasa, fari ya koma ruwan madara ko ruwan zuma, baƙi a wasu agogunan ya koma ruwan goro. Shi ne abin da 'yan harkar suke kira fatina. Mu sai mu ce fuskar ta nuna, kamar yadda ƙwarya ko sirdi suke nuna idan sun sha hannu.

8/
Mai fenti fa, me yake yi? Zai cire hannayen, ya ɓamɓare sandunan awa, ya kankare fuskar da sinadari ko sanfefa har sai tagulla ta fito. A nan zanen hasken ranar ya tafi, rubutun kamfani ya tafi, shekara arba'in ta tafi cikin minti goma. Sai ya fesa launi, ya sake buga suna da hatimin da yake da shi, ya manna sandunan da gam.

9/
Ku lura da bambancin. Agogon da ya tsaya ana yi masa sabis. Gilashin da ya fashe ana sa wani. Madauri ana canjawa sau goma. Duk waɗannan gyara ne, ana iya komawa baya. Fuskar da aka kankare kuwa babu kuɗin da zai dawo da ita, ko kamfanin da ya ƙera ta sai dai ya ba ka wata.

10/
Yanzu misali na gaske, don kar a ce surutu ne. Wani ƙanena, ɗan kawuna da ke Kekun Waje ta Bungudu, ya shigo Gusau da agogon mahaifinsa a aljihu. Seiko 5 ne irin wanda alhazan da suke dawowa da shi, mai nuna ranar mako da Larabci da Turanci. Ba ya tafiya, kuma in ka kalle shi kamar ana hazo a ciki.

11/
Wani mai gyara ya riga ya duba ya yanke masa hukunci: fuska ta mutu, a bar shi kwana uku zai sa a yi mata fenti, har ya nuna masa kaloli ya zaɓa. Yaron ya ce mini, "Yaya, shuɗin nan za ni sa a yi, wanga ya tsufa da yawa." Na ce ba ni shi tukuna, mu karanta abin da agogon yake faɗa da bakinsa.

12/
Mataki na farko, juya bayansa. A murfin Seiko akwai lamba mai gida biyu, huɗu da huɗu. Huɗun farko sunan inji ne, a nasa 6309. Huɗun bayan na gangar jiki ne. Sai wata lamba mai guda shida. A cikinta lambar farko ita ce ƙarshen shekarar da aka ƙera shi, ta biyu kuma wata. Nasa ya fara da 9 sai 4.

13/
Injin 6309 an yi shi ne daga 1976 zuwa 1988, don haka shekarar da ta ƙare da 9 a tsakanin nan guda ɗaya ce. Afrilun 1979 kenan, watanni kafin Shagari ya karɓi mulki, shekara 17 kafin a ƙirƙiri jihar Zamfara. Af, watannin Oktoba, Nuwamba da Disamba da harafi ake sa su: O, N, D. Je ku duba na gidanku yanzu, ina jira.

14/
Mataki na biyu, ƙasan ƙarfe shida a fuskar. Kunna kyamarar waya, matso da ita sosai. Akwai wani rubutu ƙanana ƙwarai a can gefe: JAPAN, sai 6309, sai lambar ita fuskar. Huɗun farkon nan dole su dace da na murfin baya. Nasa sun dace, haruffan siri-siri, babu inda tawada ta yi nashe-nashe. Fuskar asali ce, tun daga Japan ba a taɓa ta ba.

15/
Mataki na uku shi ne wanda yake ba ni haushi, don da shi ake cutar mutane. Hazon da yaron yake gani ba a fuskar yake ba, a gilashi yake. Gilashin irin waɗannan na roba ne, kuma shekara da shekaru na ƙurar hunturu da hannun riga sun yi masa dubban ƙwarzane. Man goge baki fari da tattausan ƙyalle, a murza a hankali kamar minti goma, rabin hazon ya tafi a gabanmu.

16/
Da gilashi ya washe sai ga fuska. Asalinta ruwan azurfa ce, yanzu ta koma ruwan zuma mai haske, bai ɗaya daga tsakiya har gefe, zanen hasken ranar yana nan yana wasa in ka karkata ta. Ɗigo biyu ne ƙanana kusa da ƙarfe uku, wajen tagar kwanan wata. Wannan ce aka ce ta mutu. Wallahi da an kankare ta da an yi ɓarna.

17/
Abin da agogon yake buƙata na gaskiya: a wanke inji a sa mai, sabon gilashi, da sababbin zoben roba na murfin baya da na kan da ake saita lokaci. Muka kai wa wani dattijo mai gyara, na ce, "Baba, inji kawai. Fuska ko hura mata iska da baki kar a yi." Ya yi dariya ya ce ai shi ma bai son taɓa fuska, yaran yanzu ne ke matsa masa. Ku riƙe wannan: ba duka laifin masu gyara ba ne, mu ne muke zuwa da buƙatar.

18/
Me ya sa na ce ko hurawa kar a yi? Tururin baki danshi ne. Yatsa kuma yana da maiƙo, in ya taɓa tsohon shafi zai bar tambarin da bayan shekara zai fito ruwan ƙasa. Auduga da fetur ko sifirit kuwa, da wasu ke cewa "ɗan gogewa kawai", tana iya ɗauke rubutun gaba ɗaya a shafa guda. Ƙura ana kore ta da 'yar robar hura iska, shi ke nan.

19/
To, na san masu jayayya sun matsu. Ga ta farko: "Malam, agogo don duba lokaci aka yi shi da ado. Wa zai sa sabuwar shadda ranar Sallah da agogo mai fuskar tsohon kwano?" Na ji. In ƙyalli kake so, sababbin agoguna sun cika kasuwa, wasu ba su kai kuɗin fentin ba. Sayi ɗaya ka sa. Me ya kai ka lalata abin da ba a ƙera irinsa yanzu don ka samu abin da ake sayarwa a tire?

20/
Kuma fentin ma ba ya ba ka sabon agogo. Yana ba ka tsohuwar gangar jiki mai ƙwarzane da fuska mai ihu a tsakiya, kamar dattijo ya shafa baƙin shuni a gemu ya bar gira fari fat. Wanda bai sani ba zai ga wani abu bai zauna ba, wanda ya sani kuma zai yi shiru ya kau da kai.

21/
Jayayya ta biyu ta fi ƙarfi, kuma ba zan yi kamar ban gan ta ba: "A kasuwarmu ƙyalli ake saye. Ka ajiye mai fenti da mara fenti a teburi a Gusau ko Tsafe, mai fentin zai riga tafiya." Gaskiya ne, zai riga tafiya. Amma a nawa? A kuɗin agogon ado na yau da kullum, don mai sayensa launi ya gani. Ka samu saurin ciniki, ka rufe wa kanka ƙofar mai saye mai tsada.

22/
Mai biyan kuɗi da yawa shi ne wanda ya san abin, kuma yanzu waya ta kawo shi kusa. Yana Kano, yana Legas, yana Dubai, yana eBay da Chrono24. Hoton farko da zai nema shi ne na fuska a kusa. Da ya ga fenti, in Omega ne ko Rolex sai ya zabge kuɗin sosai, sau da yawa rabi ko fiye. In ƙaramin agogo ne irin Seiko 5, ba ya ma tayawa, sai dai ya saya don kayan gyaran ciki.

23/
Akwai ma sunan tsokana da suke yi wa irin waɗannan: 'yan Mumbai. A Indiya akwai masu sana'ar tattara matattun Seiko, Citizen da HMT, su haɗa injin wannan da jikin wancan, su fesa fuska ja ko kore ko ruwan lemo, su zuba a intanet da araha. Sun yi yawa har duk tsohon Seiko mai kala mai ihu ana yi masa kallon tuhuma. Ranar da ka yi wa na babanka fenti, ka sa shi a layinsu da hannunka.

24/
In faɗi gaskiya kuma, kar wani ya tafi yana lissafin gina gida. Seiko 5 tun 1963 ake yin sa, an ƙera miliyoyi. Ko da fuskar asali ba zai sayi fili ba. Amma ƙaramar daraja da babu daraja ba ɗaya ba ne. Kuma a cikin akwatunan tsofaffinmu ba Seiko kaɗai ke kwance ba. 'Yan kasuwar auduga da gyaɗa, ma'aikatan reluwe da na masaƙar Gusau, manyan malaman makaranta, wasunsu Omega suka ɗaura. Kafin ka san wanne ne a hannunka, kar ka bari a taɓa.

25/
Yanzu bari in juyo kan 'yan ɓangarena, don su ma suna da nasu. Tun da kalmar fatina ta shigo, wasu 'yan talla duk agogon da ya ruɓe sai su ɗora hoto su rubuta "fatina ta asali" su ninka kuɗi. A'a, ɗan'uwa. Tsufa daban, cuta daban. Furfura ba ƙazuwa ba ce.

26/
Ga yadda ake rabewa. Nunar shekaru tana tafiya bai ɗaya, ko ta bi tsari, misali ta fi duhu a gefe ta yi haske a tsakiya. Rubutu yana nan daram, fuskar a shafe take ba ƙuraje. Ɓarnar ruwa kuwa tana da mashiga: tana farawa daga wajen ƙarfe uku ko huɗu inda kan saiti yake, ko daga gefen gilashi, ta bazu kamar taswira.

27/
In ka ga kore-kore, tagulla ce take ciwo. In ka ga ja-ja mai gari, tsatsa ce ta taso daga inji ko hannaye. In shafin ya kumbura yana ɓarewa kamar bangon da damina ta ci, wannan garin yana zuba cikin inji yana cinye shi. In abin hasken dare da ke kan hannaye ya yi baƙi kamar gansakuka, danshi ya daɗe a ciki. Babu ɗaya a nan da yake ƙara kuɗi.

28/
Kuma mu a nan mun fi kowa haɗarin wannan. Zoben robar agogon 1979 ya bushe tuntuni, rubutun hana ruwa da ke bayansa labari ne na da. Sau biyar a rana muna kai hannu ga ruwa, ga zufar bazara, ga damina. Cire shi kafin alwala. In ka taɓa ganin raɓa a cikin gilashi da safe, a ranar za ka kai a buɗe a busar, ba mako mai zuwa ba.

29/
To idan fuskar ta riga ta lalace fa, ba a ma iya karanta lokaci? A nan na yarda a yi wani abu, amma fenti shi ne na ƙarshe a layi. Fara neman fuskar asali daga wani mataccen agogo mai lamba iri ɗaya. Masu gyara suna da gwangwanaye cike da gawarwakin Seiko, kuma wannan lambar ta ƙasan ƙarfe shida ita za ta nuna maka wadda ta dace. Kar ka yarda a yanke ƙafafun wata fuskar a manna ta da gam don a tilasta mata zama.

30/
Kuma ko an canja, karɓi tsohuwar. Sa ta a 'yar takarda, ka ajiye inda babu danshi. Ko manyan kamfanonin Siwizalan in aka kai musu sabis sukan cire tsohuwar fuska su sa sabuwa tasu, kuma duk da cewa ta kamfani ce, masu tarawa suna biyan ƙasa da na mai fuskar haihuwa. In sabuwar fuskar kamfani tana rage kuɗi, ina ga ta mai fesawa?

31/
In duk an rasa, aka yi fenti, to agogonka ne, sa abinka. Sharaɗi ɗaya: ranar sayarwa ka faɗa. Wanda ya sayar da mai fenti a matsayin na asali, shi da mai zuba tsakuwa a ƙasan buhun gero sana'arsu ɗaya.

32/
Ga masu saye kuma, yadda za ku kama fenti da wayarku. Haruffa masu kauri da gefe mai laushi kamar an rubuta da jan baki. Ƙananan layukan minti da tazararsu ba daidai ba, ko ba su faɗa daidai kan sandunan awa ba. Fenti da ya hau gefen tagar kwanan wata ko gindin sanduna. Rubutun ƙasan ƙarfe shida ya ɓace, ko ya yi girma, ko lambarsa ta saɓa da ta baya.

33/
Wata dabarar: adadin duwatsun inji da aka rubuta a fuska. Mai hatimi ɗaya yakan buga abu ɗaya a kan kowane agogo. Sai ka ga fuska ta ce 21 JEWELS, a buɗe baya a ga inji ya ce 17. Inji ba ya ƙarya, a jikin ƙarfe aka sassaƙa nasa. Ka ce a buɗe maka. Mai kayan da ya ƙi buɗewa ya riga ya ba ka amsa.

34/
Sai gwajin duhu. Agogunan Siwizalan na shekarun 1960 zuwa wajen 1998 da yawa suna da T SWISS T ko SWISS T<25 a ƙasa. T ɗin nan tiritiyom ne, sinadarin da ke sa hannaye haske da dare, kuma ƙarfinsa yana raguwa da rabi duk bayan shekara 12 da 'yan watanni. Na 1970 yau kusan ya mutu. Haska shi da tocila ka shiga ɗaki: in ya ɗan yi haske ya mutu nan da nan, daidai ne. In ya kama kore shar ya daɗe, an sake shafa masa na zamani.

35/
Gargaɗi, ba wasa: agogunan da suka girmi shekarun 1960 da yawa radiyom aka shafa musu. Shi haskensa ya daɗe da mutuwa amma gubarsa na nan, don sai bayan kimanin shekara 1,600 take raguwa da rabi. A rufe a hannu da sauƙi, haɗarin yana wajen kankarewa a shaƙi garin. Mu da muka ga abin da ƙurar dalma ta yi a Anka da Bukkuyum a 2010 ba ma buƙatar dogon bayani. Wannan kaɗai ya isa dalilin hana sanfefa hawa tsohuwar fuska.

36/
Wani zai ce to in nunar tana kawo kuɗi, ai sai a ƙirƙire ta. Ana yi kuwa. Ana jiƙa fuska da shayi ko kofi, ana gasa ta, ana ajiye ta ƙarƙashin fitila mai ƙarfi. Abin da ke tona su shi ne rashin jituwa: fuska ta tsufa hannaye yara, ko launin ya hau kan rubutu maimakon ya zauna ƙarƙashinsa. Abubuwan da suka tsufa tare kamanninsu ɗaya, kamar miji da matar da suka shekara hamsin.

37/
Kuma kar ku ɗauka ƙananan 'yan talla kaɗai ke wannan. Nuwamban 2021, a Janiba, gidan gwanjon Phillips ya sayar da Omega Speedmaster na 1957 wanda baƙar fuskarsa ta koma ruwan goro. An buga shi sama da faran miliyan 3 na kuɗin Siwizalan, kuɗin da ba a taɓa sayen Omega da shi a gwanjo ba kafin nan. Mai sayen? Kamfanin Omega da kansa, don gidan tarihinsa.

38/
A 2023 sai Omega ya fito ya ce agogon haɗe-haɗe ne, an tattaro sassansa daga agoguna daban-daban, kuma ya zargi wasu tsofaffin ma'aikatansa uku da hannu a ciki. Wato kamfanin da ya ƙera agogon, da gidan gwanjon da ke da ƙwararru, duk an wuce da su.

39/
Masu adawa da ni za su ce ka gani, ashe harkar fatinar duk yaudara ce. Ni akasin haka na gani. Ba wanda yake buga jabun naira biyar. An yi wannan wahalar ne saboda fuskar da ta nuna da kanta tana da tsadar da ta kai a yi mata ƙarya. Ka taɓa jin an haɗa baki an yi damfarar miliyoyi don a nuna cewa agogo ya sha sabon fenti?

40/
Abin da labarin ya ƙara nunawa shi ne, abin da ya fi wuyar samu a harkar nan shi ne tabbacin inda agogo ya fito. Kuma wannan ne kai kake da shi kyauta. Ka san wanda ya saya, ka san hannun da ya ɗaura, ka san akwatin da ya kwana a ciki. In akwai tsohon hoton Baba da agogon a hannunsa, ko rasit, ko kwalinsa, haɗa su wuri ɗaya. Mai saye na gaske yana biyan wannan, jikokinka kuma ba sai an yi musu rantsuwa ba.

41/
Na ga wani ya riga ya rubuto cewa nasa Rado ne, jikinsa ko ƙwarzane babu amma fuskar ta yi ɗige-ɗige, wai ba su dace ba. In DiaStar ne, haka aka yi shi: tun 1962 jikinsa na wani ƙarfe ne mai tauri da ba ya ƙwarzanuwa da sauƙi, don haka jiki zai zauna yaro fuska ta manyanta. Ba aibi ba ne. Ɗauki hoton fuskar a hasken rana ba da filashi ba, ɗaya kai tsaye ɗaya a karkace, da hoton murfin baya, ka rufe lambobin ƙarshe da yatsa, ka ajiye a ƙarƙashin zaren nan. Zan bi su ɗaya bayan ɗaya in na samu caji, wutarmu tun jiya ba ta dawo ba.